Kai da kafaɗu: ku daina sayar mana da taget ɗin da ba ku iya aunawa ba

1/ Jiya da daddare a majalisarmu ta bakin titi a Gama wani ƙanina ya miƙo min waya, wai in duba siginar da aka saka a guruf ɗinsu. Hoton zanen farashi ne, an ja layi ja a karkace, an rubuta "kai da kafaɗu ya cika, taget kaza". Na ce masa daga ina aka auno taget ɗin? Ya ce ai oga ne ya faɗa. Wannan "oga ne ya faɗa" ɗin ya taɓa cinye min kuɗi, shi ya sa yau zan yi dogon zare. Wanda abin ya ɓata wa rai ya yi haƙuri, amma ba zan janye ba.

2/ Ga wanda bai sani ba tukuna. Farashi ya hau ya yi tudu, ya sauko. Ya sake hawa ya wuce tudun farko, ya sauko. Ya yi yunƙuri na uku amma ya kasa kamo na biyu. Tudun tsakiya shi ne kai, na gefe biyu kafaɗu. Tsakaninsu akwai kwari biyu, wasu na ce musu hammata. Layin da ya haɗa kwarin nan biyu shi ne layin wuya. Kafin farashi ya rufe a ƙasan wannan layin, ba ka da komai a hannu, tuddai uku kawai kake kallo.

3/ Kuma abin ba a guruf ɗin Telegram aka ƙirƙiro shi ba. Richard Schabacker ya yi bayaninsa tun 1932, sannan Robert Edwards da John Magee suka tsara shi a littafinsu Technical Analysis of Stock Trends a 1948. Ƙa'idar awon ma a can take, a rubuce, shekara fiye da 70. Abin da ake karɓar muku kuɗin aji a kai ke nan, kuma ko shi ɗin ba a koya muku daidai.

4/ Ƙa'idar gajera ce. Ka tsaya a ƙololuwar kai, ka sauko a miƙe tsaye har ka taɓa layin wuya a daidai wannan ranar. Wannan shi ne tsayi. Sai ka je inda farashi ya fasa layin, ka cire tsayin daga nan.

```
tsayi = kai - wuya(ranar kai)
taget = wuya(ranar fashewa) - tsayi
```

Ku lura "wuya" ya fito sau biyu, kuma ranakun daban ne.

5/ In layin a kwance yake, babu rigima, lamba ɗaya ce a duka wuraren. Amma sau nawa kuka ga kasuwa ta yi kwari biyu a farashi ɗaya cif? Galibi ɗaya ya fi ɗaya zurfi, layin ya karkace. A nan ne ogannin suke fara damalmala lissafi. Sai su ɗauki kwarin da ya fi zurfi su auna tsayi da shi, don tsayin ya kumbura, taget ya yi nisa, hoton ya ba da tsoro, a yi ta turawa.

6/ Mu ɗauki abin da kowa zai iya dubawa da kansa. Buɗe TradingView, nemi BTCUSDT na Binance, ka sa kyandir na kwana ɗaya, ka koma farkon 2021. Lokacin ina sakandare, lokacin ne kuma CBN ta hana bankuna hulɗa da kirifto, ranar 5 ga Fabrairu, samari suka koma saye hannu da hannu. Lambobin da zan kawo na zagaye su, kuma kowace kasuwa tana da ɗan bambanci, kar wani ya zo min da gardamar dala hamsin.

7/ Kafaɗar hagu: 13 ga Maris, wajen dala 61,800. Kwari na farko: 25 ga Maris, 50,400. Kai: 14 ga Afrilu, 64,800. Kwari na biyu: 25 ga Afrilu, 47,000. Kafaɗar dama: wajen 8 zuwa 10 ga Mayu, 59,500. Kwari na biyu ya fi na farko zurfi, saboda haka layin wuyan gangarowa yake.

8/ Gangarar nawa ce? Daga 50,400 zuwa 47,000 an sauka 3,400 cikin kwana 31. Raba, ka samu kimanin dala 110 kullum. Wannan lambar ita ce mabuɗin komai, kuma ban taɓa ganin wani mai sigina ya rubuta ta a jikin hotonsa ba. Da ita za ka san inda layin yake a kowace rana ba tare da ka dogara da kaurin yatsanka a kan sikirin ba.

9/ Ranar kai, 14 ga Afrilu, kwana 20 ke nan bayan kwarin farko. Kwana 20 sau 110, 2,200. Cire daga 50,400, layin yana 48,200 a ƙarƙashin kai. To tsayi shi ne 64,800 a cire 48,200, wato 16,600. Ba 17,800 ba, wanda za ka samu in ka auna daga kwarin 47,000. Ranar da kan ya fito ai ba a haifi wannan kwarin ba ma.

10/ Yanzu fashewa. Ranar 12 ga Mayu Elon Musk ya sanar Tesla ta daina karɓar Bitcoin, farashi ya rufto daga sama da 56,000 zuwa ƙasa da 50,000 a yini guda. Amma layin bai fashe ba, don shi ma guduwa yake ƙasa. Ranar 16 ga Mayu jelar kyandir ta leƙa ƙarƙashinsa ta dawo, aka rufe a sama. Sai 17 ga Mayu aka rufe a wajen 43,500, alhali layin yana wajen 44,600. Ranar ce ya fashe.

11/ Taget: 44,600 a cire 16,600, 28,000. Me ya faru? Ranar 19 ga Mayu farashi ya faɗo har 30,000 cikin sa'o'i, ya yi tsalle ya koma. Ranar 22 ga Yuni ya sake saukowa zuwa wajen 28,800. Nan ya tsaya. Bai taɓa 28,000 ba. Wanda ya ajiye odar saye a 28,000 cif don "taget ne" ya zauna yana kallo har farashin ya tafi kusan 69,000 a watan Nuwamba.

12/ Shi kuma ɗan guruf ɗin oga? Tsayinsa 17,800 ne, ya cire daga 44,600, ya samu 26,800. Farashin bai ga wannan lambar ba sai a shekarar da ta biyo baya, bayan ya je ya kafa sabon tarihi a sama ya dawo. Kuskuren 1,200 ne kawai a awo, amma da ma taget na gaskiya bai cika ba, sai aka ƙara masa nisa. Mai ƙishirwa ne aka matsar masa da rijiya gaba.

13/ Layin da ke gangarowa yana da wata mugunta kuma: yana sa ka makara. Kai kana jiran a fasa shi, shi yana zamewa ƙasa kullum. Ranar 15 ga Mayu an riga an rufe a wajen 46,800, ƙasa da kwarin 47,000. Wato masu saye sun kasa kare wurin da suka kare a Afrilu, tsarin hawan ya lalace ke nan. Mai jiran layi bai motsa ba sai a 43,500. Kwana biyu, dala 3,300 a kan kowane Bitcoin, don kawai biyayya ga layin da shi da kansa ya ja.

14/ Thomas Bulkowski, mai littafin Encyclopedia of Chart Patterns, ya ba da mafita mai sauƙi: in layin wuya na gangarowa, ka bar shi, ka ɗauki kwarin dama a matsayin wurin fashewa. A nan 47,000 ke nan. Cire tsayin nan dai na 16,600, taget ya zama 30,400. Wannan kam an taɓa shi ranar 19 ga Mayu. Ni a nan na tsaya, kuma dalilina ba don ya dace a wannan karon ba ne. 47,000 wuri ne da mutane suka yi ciniki da kuɗinsu. 44,600 kuwa ba wanda ya san da shi sai mai riƙe da layin.

15/ In kuma gangarar ta yi tsanani, kamar gangaren dutsen Dala, layin zai iya tsere wa farashi gaba ɗaya. Na sha ganin hoto a guruf, farashi ya riga ya zube rabin hanya, oga na cewa "a jira tabbaci, bai fasa ba tukuna". Tabbacin me? Gida ya gama ƙonewa kana jiran ƙararrawa.

16/ Ga inda abin ya fi ba ni haushi, kuma ga abin da ba za su taɓa nuna muku ba. Zanen nan dai, wani zai ce kafaɗar hagu ba ta Maris ba ce, ta 21 ga Fabrairu ce a wajen 58,300, kwarinta kuma 43,000 ranar 28 ga Fabrairu. Haɗa 43,000 da 47,000. Layin wuyan ya koma HAWA. Kasuwa ɗaya, watanni ɗaya, mutum biyu, ɗaya layinsa na sauka ɗaya na hawa, kuma ba wanda za ka ce ya yi ƙarya.

17/ A yi lissafinsa shi ma. Hawan 4,000 cikin kwana 56, kusan 71 kullum. A ƙarƙashin kai layin yana 46,200, tsayi 18,600. Ya fashe 15 ga Mayu a wajen 48,400. Taget 29,800. To yanzu muna da 28,000, da 29,800, da 30,400, duka an bi ƙa'ida. Abin da zanen ya iya faɗa da gaske shi ne "wajen dubu 28 zuwa 30 da ɗoriya". Unguwa ce, ba lambar gida ba. Duk wanda ya ba ka taget har da ɗigo da lamba biyu a bayansa, ado yake maka.

18/ Ƙaramin ƙari: in ka danna Log a gefen zanen, awon ya koma na kaso. Daga 64,800 zuwa 48,200 faɗuwar kusan kashi 26 cikin 100 ce. Cire kashi 26 daga 44,600, ka sauka wajen 33,000. A ƙaramin motsi bambancin ba ya damun kowa. A kirifto da kai ɗaya ke cin kwatan farashi, dala dubu biyar ce tsakani. A ƙananan koyin ma sai ka ga awon dala ya ba da taget kusa da sifili ko ƙasa da shi. In ka ga haka, ba koyin ne zai mutu ba, ma'auninka ne bai dace ba.

19/ Yanzu nawa labarin, tunda na yi wa wasu ba'a. Bara na tara ɗan kuɗi daga gyaran waya da nake taya wani yayana a lokacin hutu, na sayi wani koyin guda 200. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi guruf ɗin ba. Kwarin farko senti 80, kai dala 1.20, kwari na biyu senti 92, kwana 12 tsakaninsu. Layi mai hawa, senti ɗaya kullum. Kafaɗar dama ta tsaya a 1.08.

20/ Kwana 8 bayan kwari na biyu, layin ya kai dala 1 daidai, farashi ya rufe a senti 98. Oga ya saki saƙo da manyan baƙaƙe: ya fashe, taget senti 40, a sayar a jira a ƙasa. Yadda ya samu 40: ya auna daga 1.20 zuwa 80, ya samu 40, sannan ya sake cirewa daga 80. Kwarin da ya fi zurfi ya yi amfani da shi sau biyu. A lokacin ban san haka ba. Na sayar a 98, dala 196, na zauna ina lissafin yadda zan dawo da kusan 500.

21/ Awon gaskiya: kan ya fito kwana 6 bayan kwarin farko, layin yana 86, tsayi 34. Fashewa a 100. Taget 66. Ina 66 ina 40? Amma tsaya, ko 66 ɗin ma bai zo ba. Farashi ya sauka 93, ya tsaya, ya juya. Ya wuce kafaɗar dama, ya wuce kai. Na sake saye a 1.26 cikin jin kunya, na samu 155. Koyin 45 suka tafi, ba wanda ya sace, ni na miƙa.

22/ Darasin layi mai hawa kishiyar na mai sauka ne: yana ƙarar da wuri. Tunda layin tasowa yake yana tarar farashi, ko farashin bai faɗi ba, tafiya a kwance kawai ta isa ta "fasa" shi. Kwarin 92 na nan daram, kuma muddin kowane kwari yana sama da na baya, hawan bai mutu ba. Da na tambayi kaina tambaya ɗaya, an rufe ƙasa da 92? Amsa a'a. Da ban sayar da duka ba.

23/ Abin da nake yi yanzu in layi na hawa: fashewar layin gargaɗi ce, zan iya rage wani kaso. Sauran sai an rufe ƙarƙashin kwarin dama. Eh, zan sayar a farashi mafi ƙasa in abin ya tabbata. Na yarda da wannan harajin. Edwards da Magee ma ba su yarda da leƙe ba, sun ce a rufe ƙasa da layin da kimanin kashi 3 cikin 100. Nawa 98 ne a kan 100, kashi 2. Ko a ma'aunin 1948 bai cika ba.

24/ Sun kuma ce a kalli yawan ciniki: ya kamata ya ragu a kafaɗar dama, alamar masu saye sun gaji. Ku duba hotunan da ake turo muku. Kashi nawa ne aka yanke ƙasan hoton inda sandunan cinikin suke? Wai don hoto ya yi kyau.

25/ Wani zai ce to ai na Bitcoin ɗin ya yi aiki, me kake wa ihu? Ya yi, kuma ni na zaɓo shi bayan na san ƙarshen labarin, kamar yadda su ma suke zaɓo nasu. Bambancin ni na faɗa. Bulkowski da ya zauna ya ƙirga ɗaruruwan irin wannan zanen a hannayen jarin Amurka, abin da ya samu shi ne kusan rabi ne ke kaiwa cikakken taget. Rabi. A hannun jari ma ke nan, ba koyin da aka ƙirƙira watan jiya ba.

26/ Carol Osler da Kevin Chang sun gwada shi a 1995 a babban bankin Amurka reshen New York, a kan cinikin kuɗaɗen ƙasashe daga 1973 zuwa 1994. Ya ba da riba a kuɗin Jamus da na Japan, bai ba da a sauran ba. A 1999 suka sake rubutawa cewa ƙa'idoji mafi sauƙi sun fi shi. Ba su ce banza ba ne. Amma ba wanda ya karanta wannan zai rubuta "tabbas" a ƙarƙashin hoto.

27/ To meye amfanin taget ɗin? Kwatanci. Ka san inda za ka yarda ka yi kuskure, galibi saman kafaɗar dama. A na Bitcoin, mai fita a 46,800 don ya sake saye a ƙasa yana fatan 16,400 zuwa 30,400, amma in ya yi kuskure sai farashi ya wuce 59,500 zai tabbatar, nisan 12,700. Mai jiran layi kuwa daga 43,500: fatan 15,500, haɗarin 16,000. Abin da rabi ne ke cika, kuma haɗarinsa ya kai ribarsa. Wannan lissafin ya kamata a saka a guruf, ba hoton mota ba.

28/ Ni ciniki na tsabar abin da na mallaka nake yi, ba na taɓa fucas, dalilaina na addini ne da na aljihu. Amma na san da yawanku kuna can da ninki 20. Ku sani a ninki 20 motsin kashi 5 ya isa ya share ku. Ranar 19 ga Mayun nan farashi ya taɓa 30,000 ya koma rufewa sama da 36,000, duk a yini ɗaya. Kana iya yin daidai a taget, kasuwa ta kore ka kafin ta je ko bayan ta dawo.

29/ Tun zamanin Notcoin da Hamster Kombat a 2024 rabin samarin layinmu suka shigo harkar nan, daga danna waya aka zarce tiredin. Kuɗin da ke shiga ba na wasa ba ne: kuɗin rajista, jarin caji, adashen uwa. Shi ya sa ba na ɗaukar layin da aka ja a karkace a matsayin ƙaramin kuskure. Wanda ya ja shi ya riga ya karɓi kuɗin wata, faɗi ko tashi.

30/ Na mayar wa ƙanin nawa wayarsa na ce ya tambayi oga abu huɗu a fili cikin guruf: kwarin biyu nawa nawa ne kuma a wace rana, layin yana nawa a ƙarƙashin kai, yana nawa ranar fashewa, an rufe ƙasa da kwarin dama ko ba a rufe ba. Ya tura da misalin ƙarfe goma. Da safen nan kafin in hau adaidaita zuwa lakca ya nuna min: an goge saƙon, an kuma rufe guruf ɗin, masu kula kaɗai ke iya magana.

31/ Mun zauna mun auna da kanmu a bayan takardar kwas ɗina. Layin nasu hawa yake, kwarin dama bai fashe ba, taget ɗin oga kuma ya zarce na ƙa'ida da kusan ninki biyu. Ya ce zai riƙe rabi. Wanda ke da irin wannan hoton ya ajiye shi a ƙasa tare da lambobin nan huɗu, in na fito daga aji zan auna waɗanda na iya. Wanda babu lambobi ba zan duba ba.